GAPDH ya cinye mini wata biyu

Ƙannena masu shiga lab, in kun tashi yin qPCR don auna yawan aikin wani jin, kada ku ɗauki jin ɗin ma'auni, wato wanda ake gwada sauran da shi don ana zaton ba ya sauyawa, don kawai shi na gabanku suke amfani da shi. Haka na yi, na kuwa ɗanɗana kuɗata.

Aikina a lokacin shi ne in ga ko jin VEGFA yana tashi idan aka rage wa ƙwayoyin da muke renowa oksijin zuwa kashi 1 cikin ɗari. Firaimar GAPDH na tarar a firiza, sai na mai da shi ma'auni ban gwada ba.

Ct shi ne zagayen da hasken samfur yake tsallake layin da aka gindaya, kuma duk wanda ya fi yawa shi ke riga tsallakewa. A ƙwayoyin da ba a taɓa ba, VEGFA ya fito a 25, GAPDH a 18, bambanci 7. A waɗanda aka rage wa oksijin, 23 da 17, bambanci 6. Tazarar da ke tsakanin bambancin biyun ita ce ΔΔCt, daga ita ake fitar da ninkin tashin jin.

```
ΔΔCt = 6 − 7 = −1
2^−ΔΔCt = 2^1 = 2
```

Ninki biyu ke nan. Na maimaita sau uku amsar ba ta sauya ba, har na fara rubutawa. Da malamata ta karɓa, ba ta ko kalli ninkin ba, ɗanyun Ct ta buɗe. Ta ce, "RNA nawa ka sa wajen yin cDNA?" Na ce daidai-wa-daida. Ta ce, "To me ya sauko da GAPDH daga 18 zuwa 17 a duk samfuran gwaji?"

Ashe shi ma ƙarancin oksijin yana tayar da shi, domin furotin HIF-1 mai kunna VEGFA yana kunna shi. Zagaye ɗaya kuwa ninki biyu ne. Wato tiyar da nake awo da ita ce take kumbura, shi ya sa hatsin ya yi kamar kaɗan. Da na gwada jin uku na sami wanda ya tsaya a 20 a ɓangarorin biyu, bambancin ya zama 5 da 3, ΔΔCt ya koma −2, ninkin ya zama 4. Rabin sakamakona na zubar.

Wannan 2 ɗin na cikin lissafi ma zato ne, cewa kowane zagaye yana ninka DNA cif. Ku tabbatar kafin ku taɓa samfuran gaske: ku sirka cDNA ninki goma-goma har mataki biyar, ku ga ko Ct yana ƙaruwa da kusan 3.3 a kowane mataki, wanda shi ne inganci kashi 100. In firaimar jin ɗinku da ta ma'auni ba su faɗa tsakanin kashi 90 da 110 na inganci ba, ko suka yi wa juna nisa, ku sake firaima, ko ku koma lissafin Pfaffl wanda yake sa ingancin kowace firaima a ciki.