Mutum nawa shugaba ɗaya zai iya riƙewa?

Shekarar da aka mai da ni sashen kula da ma'aikata, aikin farko da aka ɗora mini shi ne in gano abin da ya sa takardar neman sayen kayan aiki take kwana goma kafin ta dawo da sa hannu. Na shiga aikin da zaton cewa lalaci ne. Da na zana tsarin kamfanin a takarda sai na ga ba wanda ya yi sakaci, hawan shugabancin ne ya yi yawa, kuma babu wanda ya taɓa zama ya ce a yi hawa huɗu. Abin da aka yanke tun farko shi ne kowane shugaba ya riƙe mutum biyar, sauran duk lissafi ne ya haifar da shi.

Muna da ma'aikata 600 masu yin aikin da hannunsu. In ka raba su biyar-biyar, kana bukatar masu sa ido 120. Su ma a raba su biyar-biyar, manajoji 24 ke nan, a kansu daraktoci 5, sannan babban shugaba. Hawa huɗu, shugabanni 150, kowanne da albashinsa da teburin da takarda za ta kwana a kai.

Sai na ce to a faɗaɗa mana, kowa ya riƙe takwas. Na buga lissafi: 75, sai 10, sai 2, sai 1. Shugabanni sun ragu zuwa 88, amma hawa yana nan huɗu. Wannan ya ɗaure mini kai har sai da na gwada tara: 67, sai 8, sai 1, hawa uku. Dalilin shi ne hawa uku na mutum takwas-takwas iyakarsa 8 × 8 × 8, wato 512, bai kai 600 ba, na tara-tara kuwa yana ɗaukar 729. Ashe hawa ba ya raguwa sannu a hankali. Za ka ƙara wa kowane shugaba mutum uku, ka gajiyar da su, takarda kuma ta ci gaba da bi ta tebur huɗu.

Na kai wa shugabar sashenmu shawarar tara-tara ina ji da kaina. Ta duba, ta ce, "Lissafinka daidai ne, amma ka ɗauka aikin kowa iri ɗaya ne." Ita ta nuna mini lissafin da wani masanin harkar gudanarwa, V. A. Graicunas, ya fitar a 1933, wanda ya ƙirga dukkan alaƙoƙin da shugaba zai sa wa ido: tsakaninsa da kowane mutum, tsakanin mutanen su da su, da kowane rukuni da za su iya haɗawa. Mutum huɗu suna ba da alaƙa 44, biyar 100, shida 222. Ban ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin doka ba, domin yawancin alaƙoƙin ba sa tasowa a zahiri. Amma sun nuna inda nauyin yake: idan aikin mutanenka a sarƙe yake, na wannan ya dogara da na wancan, mutum ɗaya da aka ƙara maka zai iya ninka sulhun da za ka riƙa yi.

Ma'aikatan hawan ƙasa a wurinmu abu guda suke yi, da ƙa'ida a rubuce, a ɗaki ɗaya, kuma yawancinsu sun daɗe. Irin waɗannan mai sa ido ɗaya zai riƙe goma sha biyu bai ji ba. Manajoji kuwa kullum suna jayayya kan kasafi da kayan aiki da ranakun miƙa aiki, don haka su ne ba a tara wa mutum ɗaya da yawa. Da muka sake lissafi, ƙasa sha biyu-sha biyu ya ba da masu sa ido 50, a kansu manajoji 8 kowanne da mutum shida ko bakwai, sai babban shugaba. Hawa uku, shugabanni 59. Da ma a tsohon tsarin 120 cikin 150 a hawan ƙasa suke, can ne ragin yake da tasiri.

Wuri ɗaya muka yi kuskure. Wani rukuni rabinsa sababbin ɗauka ne, muka ba mai sa idonsa mutum sha biyu kamar kowa. Cikin wata biyu layi ya kafu a bakin teburin mai sa idon, takardun neman hutu suka taru, kurakurai kuma sai an gama aiki ake gano su. Haka faɗin da ya wuce kima yake bayyana. Na ƙunci kuma alamarsa daban ce, mun saba ganinta a da: shugaba mai mutum biyu ko uku ba shi da abin yi, sai ya koma sake aikin da yaransa suka riga suka gama, ko ya nemi a sa sunansa a kowace wasiƙa. Rukunin sababbin nan muka raba shi biyu, shida-shida, da sharaɗin a sake haɗe su bayan wata shida idan kurakuran sun ragu.