Firiza ba awa 24 take shan wuta ba

Shekara 16 ke nan ina gyaran firiza da firij, kuma tambayar da ta fi yawan shigowa wurin aikinmu ita ce nawa firiza take ci a wata. Mai son saye yana tambaya, wanda mitarsa ke saurin ƙarewa ma yana tambaya. Yawanci sun riga sun yi lissafinsu kafin su zo, kuma wuri ɗaya duk suke kuskurewa, wato wajen ƙirga awoyi.

Lissafin kansa ba shi da wahala. A bayan kowace firiza akwai ɗan allo da kamfani ya manna, a nan za ka ga an rubuta misali 150W, ƙarfin wutar da take ja ke nan idan kwamfiresa, wato injin da ke kawo sanyin, tana aiki. Abin da muke kira yunit, wanda mita ke rubuta shi kWh, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Saboda haka:

```
wat × awoyi ÷ 1000 = yunit a rana
yunit a rana × 30 × kuɗin yunit = kuɗin wata
```

Mutum zai ɗauki wat 150 ya ninka da awa 24, tunda firizar tana jone dare da rana, ya samu yunit 3.6 a rana, yunit 108 a wata, sai hankalinsa ya tashi. Amma kasancewar filogi a soket ba shi ne aiki ba. Kwamfiresa tana tashi ta sanyaya ciki, idan sanyi ya kai inda aka saita sai tamostat ya yanke mata wuta ta huta, sai ɗumi ya fara shiga ta sake tashi. Lokacin hutun nan mita ba ta ƙirga komai, in ban da ɗan abin da fitilar gaba ke ci. Awoyin da kwamfiresa ta yi tana juyawa su ne ake sawa a lissafi.

Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, kafin ya bar ni na taɓa sifana sai da ya koya mini sauraro. Ya ba ni kujera da agogo da guntun takarda, ya zaunar da ni gefen wata firiza, ya ce, "Yaro, duk lokacin da ka ji ta tashi rubuta, in ta tsaya rubuta. Kada ka buɗe murfi." Awa biyu na yi a wurin. A lokacin ji nake aikin banza ya sa ni, amma yau da takardar nan nake fara gane lafiyar firiza tun ban kwance ƙusa ko ɗaya ba. Yaran da ke ƙarƙashina ma da kujerar suke farawa.

Kwanakin baya wata hajiya ta kira mu, wai kuɗin wutarta ya ƙaru ba tare da ta ƙara kayan lantarki ba. Firizarta ta kwance ce, mai wat 150. Na zauna da agogo, sai na ga a cikin awa ɗaya kwamfiresa tana aikin minti 50, hutun minti 10 kawai. Minti 50 sau 24 awa 20 ke nan a rana. Wat 150 sau 20 ya ba da 3,000, a raba da 1,000, yunit 3 a rana, yunit 90 a wata. Don sauƙin lissafi mu ce ana sayar da yunit ɗaya a kan 100, a kowane irin kuɗi mutum yake biya, to firizar kaɗai tana cin 9,000. Kowa ya duba takardar biyansa ya sa nasa farashin a madadin 100 ɗin.

Na ce mata, "Hajiya, a ba ni farar takarda." Na sa takardar a bakin murfi na rufe, na ja, sai ta zame ba tare da ta riƙe ba, a gefe biyu. Robar murfin ta bushe ta tsage, iska mai ɗumi tana shiga ba tsayawa, shi ya sa ƙanƙara ta yi kauri a bangon ciki har ta kai faɗin yatsa biyu. Mutane suna ganin tarin ƙanƙarar nan su ɗauka alamar ƙarfi ce, alhali bargo ce da ta rufe bututun sanyi, tana hana su janye zafi daga kayan da ke ciki. Ƙari a kan haka an matse firizar da bango, zafin da take fitarwa ba shi da hanyar tafiya.

Muka canza roba, muka narkar da ƙanƙara da ruwan ɗumi, ba da wuƙa ba, don wuƙa ta huda bututun firiza da yawa da suka zo hannuna. Muka goge ƙurar wajen kwamfiresa, muka janyo ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, muka saita sanyin a digiri 18 ƙasa da sifiri, wanda shi ne ma'aunin ajiyar daskararren kaya. Bayan kwana biyu na koma da agogona. Minti 25 take aiki a awa, wato awa 10 a rana, yunit 1.5, yunit 45 a wata, kuɗi 4,500. Rabi cif. Kwana biyun nan da gangan na bari, domin firizar da aka narkar ko aka cika da sabon kaya tana aiki ba tsayawa har sai komai ya daskare, wanda ya auna a ranar zai samu lissafin da ya wuce gaskiya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu gyaran sauri. Tamostat ya lalace, maimakon su sa sabo sai su haɗe wayoyinsa biyu kai tsaye, su karɓi ɗan kuɗi kaɗan, mai kaya ya tafi yana murna wai an yi masa araha kuma sanyi ya ƙaru. Daga ranar kwamfiresa ba ta sake hutawa, lissafin awa 24 ɗin nan ya zama gaskiya a kansa, yunit 108 a inda 45 ya isa, ga kwamfiresa tana ƙonewa kafin lokacinta. Sannan mutumin ne zai zo wurina yana cinikin kuɗin sabon tamostat kamar zan cuce shi. Ni ba na haɗe waya, ko an roƙe ni.

Akwai iyakar lissafin agogo. Awa ɗaya da tsakar rana ba daidai take da awa ɗaya da asuba ba, don haka ina aunawa sau biyu in ɗauki tsaka-tsaki. Firiza mai narkar da ƙanƙara da kanta kuma tana da hita da fanka a ciki, suna cin wutar da kunne ba zai ƙirga ba. Haka mai kwamfiresar inbata, wadda ba ta cika tsayawa ba sai dai ta rage gudu. Irin waɗannan ina jona musu ƙaramar mita tsakanin filogi da soket, in bar ta awa 24, lambar kWh da ta nuna ita nake ninkawa da 30.

Masu samun wuta awa 12 a rana ma sukan ɗauka rabin kuɗi za su biya. Idan wuta ta dawo firizar ta riga ta yi ɗumi, sai kwamfiresa ta yi awoyi tana juyawa ba hutu don ta maido da sanyin da ya tsere. Mai wat 150 da ta yi awa 9 cikin 12 ɗin ta ci yunit 1.35, kaɗan ya rage ta kamo 1.5 na wadda wuta ba ta ɗauke mata ba.