Yadda na hana gwajin dabarar ciniki leƙen farashin gobe

Kafin mutum ya zuba kuɗinsa a kasuwar hannayen jari bisa wata dabara, yakan ɗauko farashin shekarun baya ya gwada ta a kwamfuta, ya ga da ya bi ta da riba zai ci ko asara. Irin wannan gwajin baya na yi da Python da pandas, a kan farashin kullum na SPY, asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 a kasuwar New York. Dokar ba ta da wuya: idan farashin rufe kasuwa ya haura matsakaicin farashin kwana 20, in riƙe haja, idan ya faɗo ƙasa da shi, in fita in zauna da tsabar kuɗi. Ga yadda na fara rubuta ta:

```python
df["ret"] = df["Close"].pct_change()
df["sma"] = df["Close"].rolling(20).mean()
df["signal"] = (df["Close"] > df["sma"]).astype(int)
df["strategy"] = df["signal"] * df["ret"]
```

Da na zana sakamakon, layin riba sai hawa yake yi, kusan babu tangarɗa ko a shekarun da kowa ya san kasuwa ta sha wuya. Wannan santsin ne ya hana ni sakin jiki. Dokar da kowane ɗan koyo ya sani ba za ta yi irin wannan kyau ba, don haka na ajiye zanen na koma kan teburin, ina bin sa rana ɗaya bayan ɗaya.

A layin ƙarshe na rubutun matsalar take. `ret` na ranar Talata motsin farashi ne daga rufewar Litinin zuwa rufewar Talata. Shi kuwa `signal` na Talata, wato siginar da ke cewa in riƙe haja ko in fita, ba a iya saninsa sai an rufe kasuwa ranar Talatar, ƙarfe huɗu na yamma a New York, wato tara ko goma na dare agogon Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara. Idan na ninka su biyun a layi ɗaya, na ce ke nan na saya tun daren Litinin bisa labarin da ba zai zo ba sai daren Talata. Satar amsa ce kawai: gwajin ya leƙa sakamakon ranar kafin ya yanke shawarar shiga.

Don in ga girman ɓarnar da idona, na haɗa ɗan misali da hannu, da doka mafi sauƙi: in farashin yau ya fi na jiya, sigina 1, in ba haka ba 0. A ce haja ta rufe a 100 ran Litinin, 104 ran Talata, 101 ran Laraba, 105 ran Alhamis, sannan 102 ran Juma'a. Siginar Talata da ta Alhamis 1 ce, ta Laraba da ta Juma'a 0. A lissafin farko, gwajin zai kwashe hawan Talata na kashi 4 cikin ɗari da na Alhamis na kusan kashi 4, ya kauce wa faɗuwa biyun gaba ɗaya, ya nuna ribar kusan kashi 8.1. Amma mai ciniki na gaske sai daren Talata zai ga siginar, ya saya a 104, Laraba ya fita a 101. Ya sake shiga a 105 ran Alhamis, Juma'a ta same shi a 102. Asararsa kusan kashi 5.7 ce. Farashi ɗaya, doka ɗaya, amma tazarar ta kai kusan maki 14 cikin mako guda.

A dokar matsakaicin kwana 20 abin bai fito fili haka ba, domin yawancin ranaku siginar yau da ta jiya ɗaya ce. Satar tana faruwa ne a ranakun da sigina ta canza. Ranar da farashi ya tsallake matsakaici zuwa sama, kusan kullum ranar hawa ce, gwajin kuma ya ba ka ita kyauta. Ranar da ya faɗo ƙasa ranar faɗuwa ce, gwajin ya cire ka tun kafin ta auku. Duk shiga da fita sau ɗaya ka samu kyauta biyu, shi ya sa dabarar da ke yawan juyawa ta fi kumbura da wannan ƙarya.

Gyaran shi ne a turo jerin siginar ƙasa da kwana ɗaya:

```python
df["position"] = df["signal"].shift(1).fillna(0)
df["strategy"] = df["position"] * df["ret"]
```

Yanzu shawarar daren Talata tana zaune a layin Laraba, ana ninka ta da motsin Laraba. Layin farko yakan zama `NaN`, wato gurbi marar lamba, tunda ba shi da jiya, sai `fillna(0)` ta mayar da shi zaman jira ba tare da haja ba. Na fi son in bar `signal` yadda yake in buɗe sabon jeri mai suna `position`, domin ko bayan wata shida na dawo kan aikin, zan gane wanne ne abin da na gani, wanne ne abin da nake riƙe da shi. A kula da alamar lambar kuma: `shift(-1)` janyo gobe take yi zuwa yau, ciwon ƙaruwa zai yi. Bayan gyaran, layin ribata ya sauko sosai, ramuka suka bayyana a duk inda kasuwa ta yi ta kai-kawo ba alkibla. Wannan na biyun na yarda da shi.

Sai dai `shift(1)` ma tana da zaton da ta ɓoye. Tana ɗauka cewa na saya daidai a farashin rufewar da ya haifar da siginar, alhali a lokacin an riga an rufe. A zahiri sai washegari da buɗewa zan saya, kuma farashi kan yi tsalle cikin dare. Da na koma lissafi da `df["Open"].pct_change()`, sai `shift(2)` ta zama daidai: siginar daren Talata, saye da buɗewar Laraba, motsin farko da zan ci kuwa daga buɗewar Laraba zuwa ta Alhamis ne, kuma a layin Alhamis yake. Haka nan idan kamfanoni da yawa ne a tebur ɗaya, sai an yi `df.groupby("ticker")["signal"].shift(1)`, in ba haka ba siginar ƙarshe ta wani kamfani ta zube a ranar farko ta na bayansa.

Akwai kuma leƙen da turawar kwana ɗaya ba ta warkarwa, domin a cikin siginar kanta yake. `rolling(20, center=True)` tana haɗawa da kwanakin gaba. `bfill()` tana cike gurbi da farashin da bai zo ba. Rahoton ribar kamfani na zangon da ya ƙare 31 ga Maris sai bayan makonni yake fitowa, wanda ya liƙa shi a 31 ga Maris ya yi leƙen makonni, ba na kwana ɗaya ba.

Don kama irin biyun farko, yanzu nakan datse bayanan a wata rana, misali ƙarshen 2019, in sake lissafa `signal` da abin da ya rage kawai, sannan in kwatanta da wanda cikakken tebur ya bayar a kwanakin. In har ko layi ɗaya ya bambanta, wani abu daga 2020 ya shigo lissafin 2019, sai in bi jerin ɗaya bayan ɗaya har in gano ta inda ya shigo.