RSI ya wuce 70, sai me?

Abin da aka fara koya mana game da RSI, wato ma'aunin da ke gwada ƙarfin hawan farashi da na saukarsa, shi ne: ya haura 70, saye ya yi yawa, a sayar, ya sauka ƙasa da 30, a saya. Wannan karatu yana aiki a kasuwar da ke kai da komo tsakanin farashi biyu. Amma idan kuɗin kirifto ya kama hawa da gaske, shi ne ke fitar da mutum tun rana ba ta yi ba.

Lissafin da kansa ya fahimtar da ni dalili. J. Welles Wilder, wanda ya fito da ma'aunin a 1978, ya gina shi a kan kyandir 14, kowane kyandir yana nuna motsin farashi na wani tsawon lokaci, kamar kwana ɗaya: a raba matsakaicin hawa da matsakaicin sauka, a sami RS, sannan `RSI = 100 - 100/(1 + RS)`. A ce matsakaicin hawa dala 300 ne, na sauka dala 100. RS ya zama 3, RSI 75 ke nan. To ina maganar tsada a ciki? Abin da lambar ta faɗa kawai shi ne hawan farashi ya rinjayi saukarsa ninki uku. Muddin rinjayen na nan, lambar za ta yi zamanta a sama.

Dubi Bitcoin a ƙarshen Oktoban 2020. RSI na kyandir ɗin kwana ɗaya ya haura 70 farashi na wajen dala 13,000. Wanda ya sayar a nan yana ji yana gani aka fasa 20,000 ranar 16 ga Disamba, aka kai wajen 42,000 a farkon Janairun 2021. Wanda kuwa ya yi cacar cewa farashi zai faɗi, da kuɗin aro, wannan sai dai jaje.

Shi ya sa yanzu na fi sa ido a kan inda RSI ke tsayawa idan farashi ya ja baya. A hawa mai ƙarfi yakan sauko tsakanin 40 da 50 ya juya sama. Ranar da ya ɓalle ƙasa da 40, farashi kuma ya karya ƙasan da ya yi a baya, a nan nake rage kaya.

Akwai kuma saɓani, wato farashi ya yi sabon ƙololuwa, RSI ya kasa kai nasa na baya. Haka aka gani daga Janairu zuwa 14 ga Afrilun 2021, lokacin da Bitcoin ya kusa 65,000, kafin ya rikito wajen 30,000 a watan Mayu. Sai dai fa wata uku saɓanin ya yi yana nan, farashi ya ƙaru da fiye da dala 20,000 a tsakani. Don haka idan na gan shi ba na sayar da komai nan take. Nakan matso da iyakar asarata ƙarƙashin ƙasan farashi na baya-bayan nan, in bar sauran kayan su ci gaba da tafiya.