Yaya ya ce na manta da kaina a cikin lissafi

Tun bayan la'asar maganar Yaya take damuna.

Na kai masa takardar lissafin fim ɗin zane mai motsi da nake haɗawa a shagonsa na ɗinki, ina murna na gama. Kuɗin manhaja babu, tunda Blender da Krita da Audacity duk kyauta ne. Allon zane na hannu jika 40, makirfo jika 25, faifan ajiya jika 30, masu murya uku jika 10 kowanne. Jimilla jika 125. Ya tsayar da keken ɗinki, ya goge alli a hannunsa, ya bi layin da yatsa har ƙasa.

"To, kai fa? Ina naka?"

Na ce ai ni ne mai aikin. Ya ce in an kawo masa shadda, kuɗin zare daban, kuɗin ɗinki daban, kuma ɗinkin ne babba. Ya juya takardar ya miƙo mini biro. "Minti nawa ne fim ɗin?"

Minti 3, wato sakan 180. Hoto 24 ke wucewa a sakan ɗaya, amma ina barin kowane zane ya tsaya hoto biyu, don haka zane 12 ne a sakan. Na buga, 2160. Ya tambayi nawa nake yi a yini. Na so in ce 30, sai na tuna makon jiya: in da kuran, in kuma kwamfutar ba ta ɗau zafi ba, 20 ne. Kwana 108 ke nan, in na huta Juma'a ya haura wata huɗu. Ya ce in sa wa kaina ko jika 3 a yini, ya ba da jika 324. Kuɗin nan ya ninka duk abin da na rubuta sau biyu har da ɗori, kuma ban ma taɓa fenti da zanen bangon Birni da zai zauna a baya ba.

Har kabu-kabu ya sauke ni ban ce komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne murya. Ita ake fara ɗauka, a kanta ake zana motsin baki. Malam ya ce yana son a sauya jimla ɗaya a rubutun fim ɗin, na amsa da to. Jimlar sakan 5 ce: zane 60, kwana 3, ga sake kiran yarinyar da ta yi muryar da biyanta. Gobe zan ce masa a rufe rubutun kafin a kunna makirfo.

Inna ta yi tuwo miyar kuka. Auta ya sake ɗaukar mini caja.

Yanzu ina duba wuraren hira, inda jiki zai iya tsayawa cak, baki da ido kawai su motsa. In hakan bai rage kwanakin ba, fim ɗin zai koma minti ɗaya da rabi, zane 1080. Ban san wane wuri zan yanke ba, kuma na rijiyar nan ba na son a taɓa shi.