Tunatarwar da ta zo kafin albashi

Ranar haihuwar maiɗakina 24 ga Maris ce. Shekara biyu a jere wayata ta tuna mini da safiyar ranar, ina cikin cunkoson hanyar Kubwa zuwa ofis. Me za ka saya a wannan lokacin? Turare na tsaya na saya da yamma a kasuwar Wuse, ta karɓa ta ce an gode, amma na ga fuskarta.

Sai na zauna da Google Calendar. Na saka ranar a matsayin ta yini guda, na zaɓi Annually don ta riƙa dawowa duk shekara, sannan a Add notification na shiga Custom na sa mako huɗu, na ƙara wata ta mako guda. Mako huɗun nan shi ne iyaka, manhajar ba ta yarda a wuce shi.

A 2025 na gane bai isa ba. Tunatarwar ta buga ranar 24 ga Fabrairu, aljihu a bushe, albashi bai shigo ba. Da ya shigo na sayi atamfa yadi shida na kai wa telanta, azumi ya riga ya kama tun 1 ga Maris. Ya nuna mini tulin ɗinkin Sallah ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, na rufe karɓa. Sai bayan Sallah." Atamfar a leda na miƙa mata.

Kuskurena shi ne daga ranar nake ƙirge, alhali daga kyautar ya kamata in fara. Ɗinki yana cin mako biyu zuwa uku idan tela ba shi da cunkoso, kuma kuɗin sai ƙarshen wata. Ke nan abin da za a bayar ranar 24 ga Maris, albashin Janairu ne zai saye shi. Tunda tunatarwa ba ta kaiwa can, na buɗe wata rana daban, 30 ga Janairu, na rubuta "Sayen kayan Maman Yara", ita ma mai maimaituwa. Kowace shekara kuma ina duba inda azumi zai faɗo, domin yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya.

A gurbin bayani na wannan ranar nake ajiye abin da ta ambata a hira, da lambar takalminta. Wannan ya fi tunatarwar kanta amfani, don a Janairu ba na tuna mayafin da ta yaba a Oktoba.

Ranar cikar aurenmu kuwa 3 ga Nuwamba ce, albashi na nan da ɗuminsa, kuma fita cin abinci kawai muke yi. Mako guda na sa mata, da saƙon imel a kai, tunda wayata ta taɓa haɗiye sanarwa lokacin da na kunna tsimin batir.