Hadarin da na ba sunan da ba nasa ba

A shekarata ta biyu ta karatun ilimin ƙasa, mushenmu ya ba mu aikin bin yanayin Maradi na mako guda a watan Yuni. Ran Laraba da la'asar ma'aunin zafina yana kan digiri 39. Gabas ta yi baƙi ƙirin, guguwar ƙura ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kafin magariba ma'auni ya sauko 25. Na rubuta cewa goshin iska mai sanyi ne ya ratsa garinmu. Mushe ya karanta, ya ce, "Ɗalibi, washegari da azahar nawa ka auna?" Na ce 37. Ya ce, "To ina iskar sanyin ta tafi?"

Daga nan na koma na soma karatun daga tushe. Goshi shi ne iyakar da manyan iskoki biyu suke haɗuwa, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, kowace ta mamaye ƙasashe. Masanan Bergen a Norway, su Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, su suka fayyace shi bayan yaƙin duniya na farko, kuma gidansa Turai ne da Arewacin Amurka da makamantansu. Iskar sanyi ta fi nauyi, kullum ita ce a ƙasa. Goshi iri biyu ne, na ɗumi da na sanyi, abin da ya raba su shi ne wadda ke tura ƴar'uwarta.

Idan mai ɗumi ce ke turowa, ba ta iya ture mai sanyi, sai ta hau bayanta a kwance, wajen kilomita 1 sama a kowace kilomita 150. Wannan lissafin ya fi komai burge ni. Girgijen da ke kilomita 6 a sama yana gaban goshin da kilomita 900, kamar daga Damagaram zuwa Yamai a mota. In goshin na tafiyar kilomita 25 a awa, mai ido ya samu gargaɗin awa 36. Da farko sirus ne, sirara-sirara kamar zaren auduga. Sai sirostiratus ya shimfiɗu kamar farin mayafi, rana ko wata ya yi zobe. Sai altostiratus, rana ta dushe har mutum ya rasa inuwarsa. Daga ƙarshe nimbostiratus ya sauko da yayyafi mai naci, ya wuni ko ya kwana. Sirus kaɗai ba hujja ba ne; sai an ga girgijen yana kauri yana sauka, ma'aunin nauyin iska kuma yana faɗuwa. Bayan goshin ya wuce ruwa ya tsagaita, gari ya yi ɗumi da laima.

Idan mai sanyi ce ke turowa, kutsawa take ƙarƙashin mai ɗumi kamar bakin galma, ta cilla ta sama a tsaye. Gangarenta ya ninka na farko tsauri sau biyu ko uku, gudunta ma ya fi. Sai kumulonimbus ya miƙe da tsawa, ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya ko biyu, sannan sama ta washe.

A takardar jarrabawa an ba mu wata tasha ta arewacin Faransa a hunturu: digiri 4 da iskar kudu maso gabas ana yayyafi, sai 11 da iskar kudu maso yamma, sai aka yi tsawa ya koma 3, iska ta juya arewa maso yamma, nauyin iska ya tashi, laima ta ragu. Goshin ɗumi ya wuce, na sanyi ya biyo shi. Washegari ma 3 ɗin ne ko ƙasa da haka, domin iskar garin gaba ɗaya aka sauya.

Nan kuskurena yake. Hadarinmu ya yi kama da goshin sanyi a ido, girgijensu ma ɗaya ne, amma sanyinsa daga cikinsa ya fito. Ruwan da ke faɗowa yana tururi a busasshiyar iska, ya sanyaya ta, ta rikito ƙasa ta bazu, ita ce mai tayar da ƙurar nan kafin ɗigon farko. Ba wata sabuwar iska a bayanta, shi ya sa rana na fitowa zafi ya dawo. Hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, alhali na Turai galibi daga yamma suke zuwa. Ko iyakar da littattafanmu ke kira FIT, tsakanin iskar hunturu da ta damina, laima ce babban abin da ya raba su.

Na sake rahoton, na ƙara masa layi uku: zafin washegari da azahar, inda iska ta juya, da yadda laima ta kasance. A damina biyu da na ci gaba da aunawa a tsakar gidanmu, da wuya zafi ya haura kwana biyu bai koma inda yake ba.